Ja da kore a lebul ɗin zoɓo: wa zai iya bambance su?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina neman masu ido su duba mini launukan da na tsara wa wata mai sana'ar zoɓo a gorar roba. Kala biyu take yi, mai sukari da marar sukari, ana sayarwa a shaguna da bakin makarantu, wasu kuma su yi oda ta WhatsApp. Ga launukan:

```
ja          #C62828
kore        #2E7D32
ruwan gwal  #F9A825
madara      #FFF8E1
ruwan ƙasa  #4E342E
```

Lebul ɗin madara ne. Sunan kaya da ruwan gwal, ƙananan rubutu da ruwan ƙasa. A wuyan lebul akwai zobe: ja ga mai sukari, kore ga marar sukari. Ban da zoben nan komai nasu iri ɗaya ne. Abu biyu nake tambaya: launukan sun dace da masu sayen? Kuma wanda ba ya bambance launi sosai zai gane wanne ne wanne?

Nura: Wa alaikumus salam. Ni dai sun yi mini kyau. Ja da kore kishiyoyin juna ne a da'irar launi, don haka babu launuka biyu da suka fi su fita daga juna. Matsalar makantar launi kuma ta Turawa ce, su ne ake cewa namiji ɗaya cikin 12. Ban ga dalilin sauya tsari saboda ita ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Nura, maganarka ta farko gaskiya ce ga ido mai ganin launi cikakke, kuma a nan matsalar take. Ido yana bambance abu ta hanya biyu: ta launinsa, da kuma ta haskensa ko duhunsa. Jan nan da koren nan sun bambanta a launi, amma a haske kusan abu ɗaya ne. Na auna su: hasken jan 0.137 ne, na koren 0.155, a ma'aunin da baƙi yake 0 fari yake 1. Ana lissafin tazarar da ke tsakanin launi biyu da wannan:

```
(L1 + 0.05) / (L2 + 0.05)
```

L1 shi ne mai haske, L2 mai duhu. Ja da koren Hadiza sun ba da 1.1 kacal, alhali 1 shi ne launi ɗaya a kan kansa, 21 kuma baƙi a kan fari. Ke nan idan aka cire launin, ba abin da ya rage da zai raba su. Mai makantar ja da kore kuwa launin ne dai aka rage masa. Zoben biyu za su koma masa wani irin ruwan ƙasa-ƙasa mai kama da juna.

Batun adadi, haka ne, namiji ɗaya cikin 12 da mace ɗaya cikin 200 ƙididdiga ce ta mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kuma a tsakanin 'yan Afirka adadin bai kai haka ba. Amma akwai shi, gado ne da yake bi ta wajen uwa, shi ya sa ya fi kama maza. Kuma dubi abin da zoben yake faɗa: akwai sukari ko babu. Cikin masu neman marar sukari akwai masu ciwon suga. Kuskure ɗaya a nan ya fi ƙarfin a ce ado ne ya ɓaci.

Kabiru: Ni ina cikin waɗanda ake maganar. Hoton da kika saka, idan na buɗe shi na faɗaɗa, zoben biyu suna kusa da juna, ina iya cewa ba ɗaya ba ne, amma ba zan rantse wanne ne jan ba. Idan gora ɗaya ce kawai a hannuna, babu ɗayar da zan gwada da ita, to sai dai in tambayi mai shago. Mutane suna zaton baƙi da fari muke gani. A'a, ina ganin shuɗi da ruwan ɗorawa sarai. Ja, kore da ruwan ƙasa ne suke cakuɗe mini, musamman idan wurin ƙarami ne ko hasken ya yi ƙasa.

Malam Sani: Kabiru ya kawo abin da lissafi ba ya nunawa. Mai zane yana ganin gorar biyu jere a fuskar kwamfuta, mai saye kuwa gora ɗaya ake miƙo masa daga kula. Gwajin gaskiya shi ne a nuna ɗaya ita kaɗai a ce wacce ce.

Alhaji Tukur: Ni shawarata kada a zuba wa zoɓo kala. Jan da Allah ya yi masa ya isa. Koren zoɓo kuma ban san wanda zai saya ba.

Hadiza: Ranka ya daɗe, ba a cikin zoɓon za a zuba ba, launin takardar da ake liƙa wa gorar ne. Zoɓon duka biyun ja ne kamar yadda aka sani.

Bilkisu: Amma maganar Alhaji ta tuna mini abin da ba a faɗa ba tukuna: zoɓon kansa launi ne a cikin tsarin. Gorar garau take, abin da ke ciki ja ne mai duhu, kuma shi ne ya fi komai faɗi a idon mai saye. Hadiza, kin zaɓi launuka biyar a kan farin shafi, alhali na shida ne zai mamaye su. Jan zobenki yana bakin lebul, kusa da ruwan zoɓon, zai nutse a cikinsa. Sannan jan naki irin na tumatir ne, na zoɓo kuwa ya karkata wajen shunayya. Idan suka haɗu, ɗaya zai sa ɗayan ya zama kamar kuskure.

Sai batun masu saye. Kore da ja a kan abin da ya yi kusa da fari, a Nijeriya launin jam'iyyar PDP ne. Madararki daga nesa fari ce. Ba kowa zai lura ba, amma lokacin kamfe ana lura, kuma mai sana'a tana son kuɗin kowane ɓangare. Ruwan gwal ɗin ma idan aka ba shi wuri mai faɗi, ido zai tafi wajen MTN, domin shagunan da za a ajiye zoɓon cike suke da wannan launin. A matsayin ɗan ado babu laifi.

Nura: Hajiya Bilkisu, anya ba a kai abin nesa ba? Idan haka ne ai babu launin da ya rage. Airtel ja, Glo kore.

Bilkisu: Launi ɗaya ba na kowa ba ne, Nura. Haɗin da yadda aka jera shi ne yake tuna wa mutum wani abu. Ja shi kaɗai a gorar zoɓo, zoɓo yake nufi. Amma a fosta, gora mai kore a hagu, fari a tsakiya, gora mai ja a dama, wannan tuta ce. Kuma fostar da za a yi ke nan, domin dole a nuna kayan biyu tare.

Hadiza: Wallahi haka na jera su a fostar. To Malam Sani, sauran launukan fa? Ni rubutun nake tsoro.

Malam Sani: Ƙananan rubutunki lafiya lau: ruwan ƙasa a kan madara ya ba da kusan 10.7. Ƙa'idar WCAG ta masu shafukan intanet tana neman 4.5 ga rubutu na yau da kullum, da 3 ga babban rubutu, wato mai girman foyin 18 ko mai kauri foyin 14. Kin wuce da nisa.

Sunan kayan ne ya faɗi. Ruwan gwal a kan madara 1.85 ne, bai kai ko rabin 4.5 ba, bai kuma kai 3 ɗin babban rubutu ba. Wannan ba ruwansa da makantar launi, kowa ya shafa: dattijo mai raunin gani, mai duba wayarsa a tsakar rana, mai hango firij daga bakin shago. Dalilin da ya sa bai dame ki ba shi ne kin riga kin san abin da aka rubuta, kuma fuskar kwamfuta tana haskawa daga baya. Ruwan gwal launi ne mai haske, wurinsa a kan duhu yake. Shi da ruwan ƙasarki suna ba da 5.7, ko wanne ne a sama.

Abu na uku, kada ki taɓa ɗora ruwan ƙasa a kan jan nan. 2 suke bayarwa ga mai cikakken gani. Ga wanda matsalarsa ta ɓangaren ja ce, ja yana ƙara yi masa duhu, sai ya matso kusa da ruwan ƙasar har rubutun ya kusa ɓacewa.

Nura: To shi ke nan, a cire koren a sa shuɗi. Na ga ana yaba jerin launukan Okabe da Ito da aka tsara don masu makantar launi, akwai #0072B2 a ciki. Ja da shuɗi kowa yana bambance su.

Kabiru: Wannan zan gane shi nan take.

Malam Sani: Ya fi kore nesa ba kusa ba, domin makantar ɓangaren shuɗi ba ta da yawa ko kaɗan. Amma Nura, auna haskensa: 0.153. Da jan Hadiza suna ba da 1.08, ƙasa ma da na koren. Ka gyara wa Kabiru, amma da zarar an buga takardar farashi baƙi da fari, zoben biyu sun koma ɗaya. Gyara mai ɗorewa shi ne a raba su a launi, a kuma raba su a haske: ɗaya mai duhu sosai, ɗaya mai haske sosai.

Ga abin da zan gwada. A mayar da jan ya zama na zoɓo na gaske, kamar #7A1E3A, haskensa 0.054. Mai sukari ya zama lebul mai wannan jan gaba ɗaya, sunan da ruwan gwal a kai, wanda zai ba da 5.1. Marar sukari ya zama lebul madara gaba ɗaya, sunan da jan mai duhu, 9.5. Yanzu bambancin ya bar siririn zobe ya koma dukan lebul ɗin, ɗaya duhu ɗaya haske, kuma ba a buƙatar kore ko shuɗi kafin a gane.

Bilkisu: Na yarda da rabin. Lebul madara a kan jan zoɓo zai fito tar. Amma lebul ja mai duhu a kan gora mai ja mai duhu fa? Shi ne nutsewar da na faɗa, kuma mai sukarin ne aka fi saye. Kun ba wanda aka fi nema lebul ɗin da ba a gani.

Malam Sani: Gaskiya ne, Hajiya. Sai a kewaye shi da layin madara mai faɗin milimita 2 zuwa 3 sama da ƙasa, ya yanke shi daga ruwan. Ko a juya: madara ga mai sukari, duhu ga marar sukari.

Bilkisu: Juyawar ba za ta yi ba. Mutum yana ɗaukar mai haske a matsayin mai sauƙi, mai duhu a matsayin mai nauyi da zaƙi. Idan aka juya, launin zai riƙa faɗar akasin abin da ke ciki. Layin dai zan so in gani a kan gora, ba a hoto ba. Shuɗin Nura kuma ni ba na goyon bayansa ko da lissafi ya yarda da shi, domin shuɗi a gorar roba ruwan sha yake tunawa mutane. Yaro zai hango shuɗin murfi a kula ya zaci ruwa ne.

Aminu mai ɗab'i: Ku bar ni in shigo daga ɓangaren inji. Duk lambobin nan na fuskar waya da kwamfuta ne, WCAG ba don takarda aka yi ta ba. Tana da amfani wajen nuna inda haɗari yake, amma tawada tana da nata hali. Injinmu da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Ja haɗin majenta ne da ruwan ɗorawa, kore haɗin shuɗi ne da ruwan ɗorawa. Idan gora ta sha rana a tire ko a bakin shago, ruwan ɗorawa da majenta su ne suke fara koɗewa, shuɗi da baƙi su daɗe. Ke nan ruwan gwal a kan madara, wanda tun farko ba ya fita, shi zai fara tafiya.

Ruwan gwal ɗin ma ku sani ba zai yi ƙyalli ba. A tawada huɗu ruwan ɗorawa ne mai ɗan ja-ja. Idan mai kayan tana zaton ƙyallin gwal za ta gani, a gaya mata tun yanzu cewa wannan aiki ne dabam mai kuɗi dabam.

Sai ƙananan rubutu. Ruwan ƙasa yana cin tawada uku ko huɗu a jere, kuma idan faranti ɗaya ya goce ko da kaɗan ne, rubutu mai foyin 6 zai fito da inuwa a gefe, ba ya karantuwa. Kayan haɗi, ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a yi su da baƙi zalla, K 100, sauran ukun sifili. A lebul mai duhu kuma kada a yi su da madara a cikin jan, domin tawada tana malalowa ta cinye siraran haruffa. A buɗe musu akwati mai haske a baya, a rubuta da baƙi a ciki.

Malam Sani: Wannan ya warware wani abin da nake shirin faɗa. Sabon jan da ruwan ƙasar 1.1 ne tsakaninsu, sun zama kusan abu ɗaya, don haka ruwan ƙasar ba shi da sauran aiki. A cire shi, baƙi ya ɗauki ƙananan rubutu. Launuka sun koma ja mai duhu, madara, ruwan gwal da baƙi.

Hadiza: Matsalata koren. Mai kayan ita ta nace a kansa, ta ce kore ne ke nuna lafiya da ganye, kuma masu neman marar sukari shi suke nema da ido.

Bilkisu: Ba ta yi kuskure ba a nan, an saba da hakan. A bar mata shi, amma a sauke masa nauyi. Ɗan ganye kore a lebul madara, kusa da kalmar. A kan madara 4.8 yake bayarwa idan na bi lissafin Malam Sani daidai, zai fito. Wanda ya ga koren ya ƙaru, wanda bai gani ba bai rasa komai ba. Kuma ɗan ganye ba ya zama tuta.

Malam Sani: 4.8 ne. Ƙa'idar ke nan a WCAG ma: kada launi ya zama shi kaɗai ne ke ɗauke da saƙo. A rubuta BABU SUKARI da manyan haruffa a gaban lebul, tsawon harafi kada ya gaza milimita 6 a gorar santilita 50. Tunda ba duk mai saye ne ke karanta boko ba, a ƙara alama mai siffa: cokali ga mai sukari, cokali da aka ja wa layi ga marar sukari. Siffa ba ta koɗewa zuwa wata siffar.

Kabiru: Ku tuna da murfi. A cikin kula gorar tana tsaye cikin ƙanƙara, murfi kawai ake gani. Idan aka gyara lebul sannan aka sayo jan murfi da koren murfi, an dawo gidan jiya.

Aminu mai ɗab'i: Fari da ja, ko fari da baƙi, duk ana samunsu wajen masu gora. Farin ga marar sukari, ya tafi da lebul ɗinsa.

Hadiza: Ta yaya zan gwada da kaina kafin in koma wajenta? Yawancin aikin a waya nake yi.

Malam Sani: A wayar Android, shiga bayanin waya ki taɓa `Build number` sau 7, sai `Developer options` ya buɗe. A ciki nemi `Simulate color space`. Fara da `Monochromacy`, komai ya koma toka-toka. Idan lebul biyun ba su rabu a nan ba, kada ki ci gaba, koma ki gyara haske. Sannan `Deuteranomaly`, sannan `Protanomaly`, ki dubi jan musamman a na ƙarshen. Idan kin gama ki mayar da shi `Disabled`. Mai Photoshop ko Illustrator zai samu irinsa a `View > Proof Setup`, mai Chrome kuma a cikin `DevTools`, a `Rendering > Emulate vision deficiencies`. Ki ƙanƙanta hoton ya koma girman babban yatsa, domin haka yake fitowa a jerin hotunan WhatsApp, ki kuma dubi kowace gora ita kaɗai.

Kabiru: Kwaikwayon nan kusantawa yake yi, ba daidai yake da idon kowa ba, domin abin hawa-hawa ne, wani nasa kaɗan wani sosai. Idan kin buga gwaji ki turo hoton gora ɗaya ba tare da kin faɗi wacce ba, zan gaya miki abin da na gani.

Nura: Ni har yanzu ina ganin lebul mai duhu gaba ɗaya zai yi kama da kayan manyan kantuna, ɗalibi ya zaci ya fi ƙarfin aljihunsa. Jan farko mai haske ya fi kiran yara.

Bilkisu: Wannan tambaya ce ta gaske, kuma lissafi ba zai amsa ta ba. Ya danganta da inda cinikin ya fi yawa, bakin makaranta ko odar biki da ofis. Hadiza, ki tambaye ta wanne ne ya fi kawo mata kuɗi. Idan makaranta ce, ana iya barin jan farko ya cika lebul ɗin mai sukari, sunan da madara a kai, 5.3 ne, ya wuce. Sai dai ruwan gwal ba zai hau kansa a rubutu ba.

Aminu mai ɗab'i: A buga duka biyun a gwaji, a kan ainihin sitikar da za a yi aikin da ita, ba farar takardar ofis ba, domin mai sheƙi da marar sheƙi ba sa fitar da ja iri ɗaya. Guda shida-shida sun isa. A liƙa wa gora mai zoɓo a ciki, biyu su kwana a kula da ƙanƙara, biyu su yi mako a inda rana ke bugu, biyu a ajiye a ɗaki don a gwada da su.

Hadiza: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan buga ukun: mai duhu da layin madara, mai jan farko, da madara mai ganye. Malam Aminu, layin nan na milimita 2, idan wuƙar yanka ta goce ba zai fito a karkace ba?

Aminu mai ɗab'i: Zai fito, kuma a siririn layi ko milimita 1 ana ganinsa. Ki mai da shi 3, ki kuma bar ƙarin milimita 3 na madara a wajen layin yanka.